Yadda ake fitar da tambayoyin fahimta daga takardar hayar gida ga manya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da matan aure karatu da yamma nan unguwar Runjin Sambo a Sakkwato, sun fara iya haɗa jimla. Na kawo masu takardar yarjejeniyar hayar gida don mu yi karatu da ita, na rubuta tambayoyi goma, duk sun ci, amma da nic ce su yi man bayani da baki sai na ga ba su gane komi ba. Don Allah yaya ake tsara tambayoyin da za su nuna mutum ya fahimta da gaske?

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wanga aiki. Na kusan tabbata irin tambayoyin da kinka rubuta su ne waɗanda kalmar da ke cikin tambaya ita ce dai ke cikin takarda, misali takarda ta ce "kuɗin haya naira 180,000 ne" ke kuma kin tambaya "kuɗin haya naira nawa ne?" To wannan ko wadda ta san baƙaƙe kawai tana iya bin layi da ido har ta ga inda anka rubuta "kuɗin haya", ta kwafe abin da ke gabanshi, ta ci maki, alhali ba ta ma iya faɗa maki ko dubu goma sha takwas ne ko dubu ɗari da tamanin. Akwai kuma hanya ta biyu da ake cin tambaya ba tare da an karanta ba, ita ce ta zaman duniya. Waɗannan mata ba yara ba ne, da yawansu sun shekara goma ko ashirin cikin gidan haya, in kin ce "wa ke biyan kuɗin wuta?" kowa ta san ɗan haya ne ko ba ta dubi takarda ba. Dukkan aikin tsara tambaya ga manya shi ne ki toshe waɗannan ƙofofi biyu, ta kwafe da ta hasashe, ya zamana ba wata hanyar kaiwa ga amsa sai an karanta an gane.

Tun daga takardar kanta ake farawa. Agirimen ɗin da lauyoyi da ejan ke rubutawa yawanci da Turanci ne, shafi uku ko huɗu, jimla guda tana cin layi shida, kar ki kawo irinta ga wadda ta fara haɗa jimla. Ki zauna ki rubuta taki da Hausa, kalma 150 zuwa 180 ta isa, sharaɗi bakwai ko takwas, kowane da lambarshi, ki buga da manyan baƙaƙe kuma ki bar fili tsakanin layuka don yatsa ya samu wurin bi. In kin ari takardar wani ta gaske don ki ga tsari, ki cire sunanshi da lambar gida da ta waya gaba ɗaya, unguwa ɗaya ake zaune, ba daɗi a ji nawa wane ke biya daga bakin 'yan aji. Ga irin wadda nike aiki da ita, sunayen da kuɗin duk ƙirƙira ne don darasi:

Yarjejeniyar hayar ɗaki biyu a Mabera, tsakanin Malam Bello mai ba da haya da Umaru ɗan haya.
1. Hayar ta shekara ɗaya ce, daga 1 ga Maris 2025 zuwa 28 ga Fabrairu 2026.
2. Kuɗin haya naira 180,000 ne. Umaru zai biya 120,000 ranar da ya shiga, ya cika sauran kafin 1 ga Satumba 2025.
3. Ranar shiga Umaru zai ba da kuɗin ajiya naira 20,000. Za a mayar masa idan ya tashi, bayan an cire kuɗin gyaran abin da ya lalata.
4. Umaru zai biya kuɗin wuta. Malam Bello zai biya kuɗin ruwa da na kwashe masai.
5. Gyaran rufi da bango na Malam Bello ne. Gyaran ƙofa da taga da famfo na Umaru ne. Umaru ba zai yi gyara ya cire daga kuɗin haya ba sai da izinin Malam Bello a rubuce.
6. Umaru ba zai ba wani hayar ɗakin ba sai da izinin Malam Bello.
7. Wanda ba ya son a sabunta hayar zai sanar da ɗayan a rubuce, wata 3 kafin ta ƙare.

Ki lura ban rubuta "mai gida" ko sau ɗaya ba, kuma da dalili. Shekarun baya ina duba wani ajin mata, takardar da munka raba ta ce mai gida ne zai gyara rufi, sai tambaya ta ce in ɗaki ya yi yoyo wa zai biya, kusan rabin ajin sunka amsa cewa ɗan haya. Na yi mamaki don jimlar a fili take. Sai na zauna kusa ga wata dattijuwa nic ce Inna nuna man inda kinka gani, ta ɗora yatsa daidai kan layin, tac ce "ga shi nan Malam, mai gida ka gyarawa, ai mai gidana shi na ɗan hayan." Wato ita mai gida mijinta ne. Ta karanta daidai, ta fahimta daidai da yadda take magana kullum, takardarmu ce ke da baki biyu. Tun ranar na bar wannan kalma a darasin mata. Haka ma "mai haya", wani na nufin wanda ya ba da, wani na nufin wanda ya karɓa. Shi ya sa nike sa suna, kuma nike maimaita sunan a kusan kowane sharaɗi ko da ya yi nauyi ga kunne, don in kin rubuta "zai sanar da shi kafin ya tashi" ba wanda ya san wane ne shi ɗin, kuma in mai karatu ta faɗi ba ki iya gane ko karatun ne ya gagare ta ko rubutunki.

Abu na biyu da na yi da gangan, na sa wasu sharuɗɗa sun saɓa ma abin da aka saba. Yawancin gidajen haya 'yan haya ne ke haɗa kuɗi a kwashe masai kuma kowa shi ke sayen ruwanshi wurin 'yan garuwa, ni kuma na ɗora ma Malam Bello. To in kin tambaya "masai ya cika, wa zai kira masu kwashewa ya biya su?" wadda ta amsa daga kanta za ta ce 'yan haya, wadda ta karanta sharaɗi na 4 za ta ce Malam Bello, nan take kin raba su. Kar dai ki juya komi, biyu ko uku sun isa, in takarda ta koma abin da ba ya faruwa a duniya sai su daina ɗaukarta da gaske.

Yanzu ga tambayoyin. Ki fara da guda biyu masu sauƙi don gaba ya daina faɗuwa, babban mutum in ya sha kunya a tambayar farko ya rufe ke nan har a tashi. Amma ko masu sauƙin ki canza kalma. Takarda ta ce "daga 1 ga Maris 2025", ke ki tambaya "wace rana Umaru zai fara kwana ɗakin?" Takarda ta ce "kuɗin ajiya", ke ki tambaya "wane kuɗi ne Umaru ke sa ran a maido mashi in ya bar gidan?" Amsar tana wuri ɗaya, layi ɗaya, amma sai an san ma'ana kafin a same ta. Kuma duk inda amsa kuɗi ce ki nemi a faɗa maki da baki, don na sha ganin wadda ta rubuta 20,000 tsaf sannan ta karanta shi dubu biyu. Sifili ɗaya a takardar haya ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan ki shiga waɗanda sai an haɗa wuri biyu, kuma nan ne ainihin aikin yake. "Ranar da Umaru zai shiga, nawa zai riƙo a hannu gaba ɗaya?" Amsa 140,000, wato 120,000 na sharaɗi na 2 da 20,000 na sharaɗi na 3. Abin da ke da amfani ga malama ba amsar daidai ba ce kawai, amsoshin kuskure su ne ke gaya maki inda ciwon yake. Wadda ta ce 180,000 ta ga lambar farko ta tsaya, ba ta ƙarasa sharaɗin ba, ita maganinta a koya mata kai jimla ƙarshe. Wadda ta ce 120,000 ta karanta na 2 da kyau amma ba ta san amsa na iya warwatsuwa wuri biyu ba. Wadda ta ce 200,000 ta haɗa wuri biyu, ta ma fi sauran kusa, sai dai ba ta kama cewa biyan kashi biyu ne ba. In kuma wata ta ce 158,000 kar ki yi saurin jan jan biro, ki tambaye ta, mai yiwuwa ta ƙara la'adar dillali ce kashi 10 cikin 100 na 180,000 wato 18,000, don ta san haka ake yi a gari. Lissafinta ya yi, saninta ya yi, amma takarda ba ta ambaci la'ada ba, sai ki yaba mata sannan ki ce to nuna man layin. Saboda haka kafin ki shiga aji, kowace tambaya ki rubuta ma kanki amsar daidai da kuskure biyu ko uku da kike zato da abin da kowane ke nufi. Tambayar da ba ki iya hasaso kuskurenta ba, galibi ba ta auna komi.

Ki kiyaye wani abu nan, kar lissafi ya danne karatu. Na zaɓi lambobi masu sauƙin haɗawa da gangan. In kin sa haya 187,500 da ajiya 23,750 kin koma jarrabawar lissafi, in sun faɗi ba ki san dalili ba. Ko da yake gaskiya matan da ke sana'a cikin gida, masu ƙuli da fura da adashe, sun fi mu saurin lissafin ka, matsalarsu gane lambar a rubuce ce, ba haɗawa ba.

Tambayar da na fi so duk cikin darasin ita ce ta labari. Ki ba da ɗan abin da ya faru cikin jimla biyu ko uku, ki ce mi takarda ta ce a kai. Misali: "Cikin Agusta anka yi ruwa, kwano ya yi yoyo. Umaru ya kira kafinta ya kashe 15,000, bai gaya ma Malam Bello ba. A bisa takardar nan, nawa zai cika kafin Satumba?" Duba abin da mai karatu za ta yi kafin ta kai ga amsa. Sai ta fara gano sauran kuɗin, wanda ba a rubuta shi ko'ina ba, 180,000 a cire 120,000 saura 60,000. Sannan ta je sharaɗi na 5 ta ga rufi na Malam Bello ne, zuciyarta ta ce ai to a cire 15,000 ya ba da 45,000, kuma wallahi mafi yawan aji nan suke tsayawa don shi ne adalci ga idon kowa. Amma jimlar ƙarshe ta sharaɗin ta ce ba a cirewa sai da izini a rubuce, kuma labarin ya ce bai ma gaya mashi ba. Amsa 60,000. Ranar da munka yi wagga tambaya a wani aji na maza, wani mai gyaran babur ya buga benci yac ce wanga zalunci na, kwanon nashi na? Nic ce ban ce adalci ne ba, na ce mi takarda ta ce. Ya yi shiru ya sake bin layin da yatsa a hankali, sai yac ce "ashe sai da izini ɗin nan ita ta ci shi." To wannan ita ce fahimta. Kalmomin da ke cin mutane a takardar haya ƙanana ne, "sai da", "kafin", "bayan", "idan", "sai dai", "matuƙar", ido na tsallake su don gajeru ne, alhali su ke juya sharaɗi gaba ɗaya. Kowace ɗaya da ke cikin takardarki ki tabbata akwai tambayar da ba a cin ta sai an lura da ita. Ga ta "bayan" ta sharaɗi na 3: "Umaru zai tashi, an ga taga ɗaya ta fashe, gyaranta 7,500. Nawa za a maido mashi?" Amsa 12,500. Wadda ta ce 20,000 ta tsaya ga "za a mayar masa" ba ta ga "bayan an cire" ba.

Kin ga na sa "a bisa takardar nan" cikin tambayar, kar ki yar da shi. Yana raba abin da takarda ta ce da abin da mai karatu ke ganin ya dace, kuma yana kare ki, don ke karatu kike koyarwa ba hukunci kike yankewa ba. Ba duk abin da anka rubuta a agirimen ne kotu ke yarda da shi ba. Ko da takarda ta ce mai ba da haya na iya fitar da kayan mutum waje in bai biya ba, a dokar ƙasar nan ba shi da ikon cire kwano ko ƙofa ko watsa kaya da hannunshi, sai ya bi ta notis da kotu. In wata ta kawo maki rigimarta ta gaske, ki taimaka mata ta karanta takardarta, hukuncin kuma ki tura ta ga lauya ko alƙali.

Sharaɗi na 7 shi ne mafi wuya, ki bar shi kusan ƙarshe. "Umaru na son ya tashi in shekara ta cika. Kafin wane wata ya ƙare ya kamata ya kai takardar sanarwa?" Nan sai an ɗauko ranar ƙarewa daga sharaɗi na 1, a ƙirgo baya, Fabrairu, Janairu, Disamba, to ke nan kafin Nuwamba ya ƙare takarda ta isa hannun Malam Bello. Ƙirga baya a watannin boko na ba manya wahala ƙwarai, ki rataya kalanda a bango ki bar su su duba, ba haddar watanni kike aunawa ba. Kuskure biyu za ki gani. Wasu za su ce Mayu, sun ƙirga wata 3 gaba daga Fabrairu, wato "kafin" ta kuɓuce masu. Wasu kuma za su ce ai notis wata shida ne, don haka sunka ji a gari. Kuma ba daga iska sunka ɗauko ba, dokokin karɓar gida na yawancin jihohinmu sun ce in yarjejeniya ta yi shiru mai hayar shekara-shekara notis ɗinshi rabin shekara ne, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan mako mako ɗaya, sannan akwai wani notis na kwana 7 kafin a tafi kotu. Amma wannan in ba a rubuta komi ba ne, in an rubuta wani adadi kuma an sa hannu, abin da anka rubuta ake bi. Wannan bayanin ki yi shi bayan sun amsa, ba kafin ba, in ba haka ba kin ba da amsar da bakinki.

Da maganar wata ta zo, akwai abin da ya shafe mu nan Sakkwato musamman. Mutanenmu da yawa da watan Musulunci suke riƙe lokaci, su ce mun shiga gidan ga azumi. Shi ya sa na zaɓi 1 ga Maris 2025, don ranar ce anka tashi da azumi bayan sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Wadda ta riƙe "azumi zuwa azumi" za ta ɗauka haya ta ƙare da kamawar azumi na gaba, alhali shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta boko 365, akwai ratar kwana 10 ko 11, kuma duk shekara ratar na ƙaruwa, shekara uku ta kai wata guda. Sai ki yi tambaya guda: "Azumi ya sake kamawa. Hayar Umaru ta ƙare ko da saura? Nuna inda kinka gani." Ba wai ɗaya lissafin ya fi ɗaya ba, abin nema su saba duba wane lissafi takarda ta bi.

Sai kuma irin tambayar da malamai ke mantawa da ita, wadda amsarta ita ce "takarda ba ta faɗa ba". Misali "Umaru na iya kiwon awaki a tsakar gida?" ko "in an sabunta, nawa ne kuɗin shekara ta biyu?" Ki duba sharuɗɗan bakwai, babu. Mutumin da ya saba da makaranta yana ɗauka duk tambaya na da amsa cikin littafi, sai ya ƙago. Amma a rayuwa rabin rigimar haya da ke zuwa gaban mai unguwa kan abin da ba a rubuta ba ne, kuma wadda ta iya cewa "wannan babu shi, a ƙara kafin mu sa hannu" ta samu abin da ya kawo ta aji. Ki gaya masu tun farko cewa akwai tambaya ɗaya ko biyu irin haka, don kar ya zama kamar tarko kinka ɗana masu. Ga wata mai kama da ita amma ta fi zurfi, kan sharaɗi na 6: "Ƙanin Umaru ya zo daga Illela zai yi mako biyu wurinshi, ba ya biyan komi. Sai an nemi izini?" Takarda haya ta hana a ba wani, ba ta yi maganar baƙo ba. Wadda ta ce an hana, ta faɗaɗa sharaɗin fiye da yadda yake, shi ma kuskuren fahimta ne kamar na wadda ta taƙaita shi.

Wajen rubuta tambayar kanta, dole ta fi takardar sauƙi. Abu ɗaya a tambaya ɗaya, kar ki ce "wa zai gyara famfo kuma yaushe zai cika kuɗi?" Kalma goma zuwa sha biyar, in ba ta labari ba. Ki guji tambayar korewa irin "wanne ne ba aikin Umaru ba?", mai sabon karatu na tsallake "ba" ta farko ya amsa kishiyar abin. Ki guji "eh ko a'a" ita kaɗai, don ko da ido rufe rabi ake ci, in dole ne ki haɗa da "nuna layin". Kuma ki yi da harshen da suke ji. Takardar ki bar ta da daidaitacciyar Hausa tunda irinta za su tarar a waje, amma in kina karanta tambaya da baki ki ce "mi takarda tac ce?" kamar yadda kike magana da su kullum, in kuɗin ajiya koshin suke ce mashi don haka ejan ke faɗa, ki ambaci duka biyun sau ɗaya.

Kafin ki kai aji ki yi gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki sami mutum biyu ko uku da ba su ga takardar ba, maƙwabciya ko wata cikin gida, ki karanta masu tambayoyin kawai. Duk wadda sunka ci ba takarda, ki yar da ita ko ki juya sharaɗin. Sannan ki ba wani mai karatu sosai takardar da tambayoyin, in amsarshi ta saɓa da taki to tambayar ce ke da baki biyu, gyara ta. Bayan darasi kuma ki yi ɗan jadawali, sunaye a gefe, lambobin tambaya a sama. A aji na mutum 20, tambayar da duk sunka ci ba ta gaya maki komi ba sai in ta buɗe fage ce, wadda duk sunka faɗi ko dai ba ki koyar da abin ba ko kin rubuta ta a murɗe. Wadda ta fi nuna matsala ita ce wadda gwanayen ajin sunka faɗi amma masu rauni sunka ci, wannan kusan kullum akwai wata ma'ana ta biyu da gwanayen sunka hango ke ba ki gani ba, ki kira ɗaya ki tambaye ta yadda ta fahimta.

Maki kuma biyu nike ba kowace tambaya, ɗaya na amsa, ɗaya na nuna sharaɗin da anka samo ta. Wadda ta ba da amsa daidai ba ta iya nuna wuri ba, ɗaya take samu, kuma ita nike fi sa ma ido. Ba na rage maki don kuskuren rubutu, in ta rubuta "nuwanba" ta ci, ranar rubutu daban. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta amsa da baki ta ɗora yatsa, wadda ta fi sakewa da ajami, kuma suna da yawa cikin matanmu da sunka yi makarantar allo, ta rubuta amsarta da ajami, takardar dai da boko ta karanta.

Tambaya takwas sun isa zama ɗaya na awa biyu, biyu masu sauƙi, biyu na haɗa wuri biyu, uku na labari, ɗaya ta "ba ta faɗa ba". Su karanta takardar sau biyu tukun, ɗaya a zuci ɗaya bibbiyu a bayyane, kuma takardar na gabansu har ƙarshe, kar ki karɓe. Mako na gaba ki kawo takardar dai amma ki canza lambobi da wanda ke biyan mi, haya ta koma 150,000, notis ya koma wata 2, masai ya koma kan Umaru, ki yi tambayoyin nan dai. Wadda ta sake ba ki 60,000 da Malam Bello, amsar makon jiya ta haddace, sai ki zauna kusa gare ta ku bi layin tare.